Kogi mita 24, mota tan 45, gada a karye: ta ina injiniyoyin soja ke farawa?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masana. A ce maƙiyi sun ja da baya sun tarwatsa gada, kogin kuma faɗinsa bai wuce mita 24 ba, ruwa ya fi ƙarfin a bi ta cikinsa. Ga ayarin motoci, mafi nauyi a cikinsu tankar yaƙi ce mai tan 45. Mene ne injiniyoyin soja ke yi daga isowarsu har motar farko ta haye? Na sha jin ana cewa cikin sa'o'i kaɗan suke kafa gada, sai nake ganin kamar akwai ƙari a maganar.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Auwalu, babu ƙari, amma sa'o'in da ake faɗa na haɗa ƙarfe ne kawai. Abin da ke gabansa shi ne mai cin lokaci, kuma shi ke yanke hukunci ko gadar za ta tsaya ko za ta nutse da mota a kanta.

Aikin farko leƙen wuri ne. Mutane kaɗan ke zuwa, sau da yawa da dare, su dawo da amsar abu biyar: faɗin ramin, zurfin ruwa, saurin ruwa, tsayin gaɓa da irin ƙasarta, sai hanyar shiga da ta fita. Faɗi, idan ba na'urar awo, da kamfas ake samunsa. Ka tsaya daidai saitin wata alama a tsallake, itace ko dutse. Ka bi gaɓa a miƙe kana waiwayen alamar har kwanar da ke tsakaninka da ita ta zama digiri 45. Tazarar da ka taka daga inda ka fara, ita ce faɗin kogin. Saurin ruwa kuma, a auna mita 20 a gaɓa, a jefa guntun itace can tsakiya, a ƙirga daƙiƙa. Idan ya ci mita 20 a daƙiƙa 10, ruwan na gudun mita 2 a daƙiƙa ke nan, kuma wannan ruwa ne mai ƙarfi. A tsakiya ake jefawa domin ruwan gefe ya fi sanyin gudu, zai ruɗe ka.

Abin da zan fara gyara maka a tambayarka shi ne, kogi mai mita 24 ba ya nufin gada mai mita 24.

Malam Habu: Gaskiya ne, ai sai an ƙara ɗan abin da zai hau kan gaɓa, kamar mita ɗaya kowane gefe. A ce 26, an gama.

Hajiya Rabi: Malam Habu, mita ɗaya nan ita ke kashe gada. Gaɓar kogi ba bangon siminti ba ce. Idan ka ɗora nauyi daf da bakinta, ƙasar za ta tsage ta zame cikin ruwa da ƙafar gadar gaba ɗaya. Yadda ake yi, ana duban gindin gaɓa, inda gangaren ya fara daga ƙasa, a ja layi sama a karkace. A ƙasa mai ƙwari layin kan kai digiri 45, a yashi sako-sako ko laka dole ya fi haka kwanciya. Duk inda layin ya fito a saman ƙasa, daga nan zuwa baya ne kaɗai za a iya aza nauyi. To idan gaɓar Auwalu a tsaye take tsayin mita 3, ka ja baya aƙalla mita 3 a kowane gefe. Ka ga 24 ta koma 30.

Kuma a sunkuya a duba ƙarƙashin gaɓar, musamman a bayan kwana inda ruwa ke bugu. Sau da yawa sama ciyawa ce lafiya ƙalau, ƙasa kuwa ruwa ya riga ya rarake.

Injiniya Bala: Hajiya ta kawo mu inda nake so. Mita 30 kusan ƙafa 100 ke nan, bari mu yi lissafin da gadar Bailey, don ita ce ta fi sauƙin fahimta, kuma gadojin ƙarfe na soja da yawa na yau jikokinta ne. Donald Bailey, ma'aikacin gwamnatin Birtaniya, ya tsara ta a farkon yaƙin duniya na biyu, aka fara amfani da ita a fagen fama a Tunisiya a 1942. Dabararta ɗaya ce: kada a sami wani yanki da mutane ba za su iya ɗauka da hannu ba.

Ginshiƙinta shi ne fanel, wani firam na ƙarfe mai tsawon ƙafa 10, tsayi kimanin ƙafa 5, nauyi kusan kilo 260. Mutum shida ke ɗaukarsa. Ana jera su baki da baki a hagu da dama, a haɗa da fil mai kauri da ake bugawa da guduma. Su ne ke ɗaukar nauyin gadar, su ne kuma bangonta. Tsakanin bangon biyu ana gitta manyan ƙarafa, a kansu a shimfiɗa wasu ƙarafa a tsawo kamar azara, a kan azarar a jera katako inda taya za ta taka. Kowane ƙafa 10 sashe ɗaya ne, don haka gadarmu sashe goma ce.

Yanzu ga inda nauyin mota ya shigo. Idan layin fanel ɗaya ne a kowane gefe, a tsawon ƙafa 100 gadar ba ta wuce aji 8 ba a jadawalin littafin aikin gadar, wato ƙaramar mota kawai. A yi layi biyu kafaɗa da kafaɗa, ta hau aji 30. Tankar Auwalu ba ta shiga ba har yanzu. Sai an yi layi uku a kowane gefe ta kai wajen aji 50. To layi uku, gefe biyu, sashe goma: fanel 60. Kowane sashe da katakonsa da komai yana kusa da tan 4, gadar duka kusan tan 40. Duk wannan sai motoci sun kawo shi bakin kogi, an sauke, an jera bisa tsarin da za a buƙace shi.

Auwalu: Yallaɓai, mene ne wannan "aji"? Tan ne?

Injiniya Bala: Kusa da tan ne amma ba tan ba ne zalla. A tsarin ƙasashen NATO ana kiransa MLC, za ka gan shi a rubuce da baƙi a kan allo mai launin rawaya, zagayayye, a bakin gada da kuma jikin mota. Ga mai tafiya a kan sarƙa kamar tanka, lambar ta yi kusa da nauyinta a tan na Amurka, wanda ya ɗan gaza tan na kilo dubu. Shi ya sa tanka mai tan 45 takan faɗo wajen aji 50. Ga mai taya kuwa, ana duba yadda nauyin ya rabu a kan ƙarafan da ke riƙe da tayoyi da tazarar da ke tsakaninsu. Doguwar tirela da guntuwar mota za su iya yin nauyi ɗaya ajinsu ya bambanta. Dokar direba mai sauƙi ce: idan lambarka ta fi ta gada, ka tsaya.

Malam Habu: To ai kun ga abin da nake gudu. Da kun bar ta ƙafa 80, layi biyu ya isa, don a wannan tsawon tana kai aji 50. Ƙafa 20 kacal ta jawo ƙarin fanel kusan talatin. Ni dai har yanzu ina ganin a nemi wurin da kogin ya fi tsukewa a kafa a can.

Injiniya Bala: A nan ka yi daidai rabi. Gaskiya ne tsawo ya fi komai cin ƙarfin gada. Nauyin mota a tsakiya yana lanƙwasa ta daidai da tsawonta, nauyin kanta kuwa yana lanƙwasa ta daidai da tsawon sau tsawon. Shi ya sa ƙafa 20 ke sauke ta daga 50 zuwa 30. Amma inda kogi ya tsuke, can ruwa ya fi gudu, gaɓa ta fi tsayi, kuma galibi ba hanya. Za ka rage fanel talatin ka sayi aikin buldoza na kwana biyu. Wurin tsohuwar gada yana da hanya shiga da fita a shirye, wannan ne ke jan mutane can. Matsalar, maƙiyi ma ya san haka.

Baba Tanko: Yauwa, na ji shiru ba wanda ya taɓo wannan. Wanda ya karya gada ya san inda za ku tsaya ku sauke kaya, don haka can zai binne nakiya, kuma igwoginsa sun riga sun auna wurin. Kafin fanel ɗaya ya sauko daga mota, sai an share filin aiki. Ba ɗan siririn layi ba. Ana bukatar fili a bayan gaɓa da zai ɗauki gadar da ake haɗawa, da wurin jera kaya hagu da dama, da inda motoci za su juya. A ce mita 50 a tsawo, 20 a faɗi, murabba'in mita dubu ke nan. Sannan a haye da kwale-kwale a share tsallake ma.

Nakiyar ƙasa iri biyu ce a nan. Ta tanka, irin TM-62, tana ɗauke da abin fashewa kilo bakwai da ɗoriya, kuma sai nauyin da ya haura kilo ɗari da hamsin ya taka ta. Ta mutum ƙarama ce, ɗan nauyin ƙafa ya ishe ta. Ana haɗa su wuri ɗaya da gangan, ƙananan su tsare manyan daga mai zuwa cirewa. Mai sharewa yana aiki a layi mai faɗin mita ɗaya. Da farko ya duba da ido, ya zura siririyar sanda a hankali ko akwai waya a ɗame cikin ciyawa. Sannan ya wuce da na'urar gano ƙarfe daf da ƙasa. Inda ta yi ƙara, ya kwanta ya soka tsinke daga baya-baya, a kwance kamar digiri 30, domin ya taɓa gefen nakiya, kada ya danna samanta. Abin da aka share a kewaye shi da farin tef, ba mai taka wajen tef ko da taku ɗaya.

Bakin karyayyar gada kuma shi ne wuri mafi wahala ga na'urar, don ƙasar cike take da ɓurɓushin ƙarfe daga fashewar. Kowane taku sai ta yi ƙara, kuma kowace ƙara dole a ɗauke ta a matsayin nakiya har sai an tono an gani. Ga wasu nakiyoyin da jikinsu roba ne, ƙarfen cikinsu bai fi kan ashana ba. Ga ambaliya, wadda kan kwashe ƙanana ta kai su inda ba wanda ya binne.

Ɗanlami: Ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. Ba akwai igiyar bam ɗin nan da ake harbawa da roka ta share fili lokaci ɗaya ba? A harba biyu a wuce wurin. Kuma gada ta dindindin ai siminti ake zubawa, wannan ta ƙarfen wata nawa za ta yi?

Baba Tanko: Ɗanlami, akwai ta. Ta Amurka ana ce mata MICLIC, tana ɗauke da abin fashewa kusan kilo 800, tana buɗe layi mai tsawon kimanin mita 100. Amma ka san aikinta. An yi ta ne don a fasa hanya cikin gaggawa ana tsakiyar wuta, kuma ba ta tayar da duka. Akwai nakiyoyin da aka ƙera su jure bugun iska na farat ɗaya, akwai waɗanda suka nutse da zurfi. Shi ya sa bayanta sai tanka mai garma ko mai abin birgima ta bi ta tabbatar. A fasa hanya kwamanda ya yarda zai iya rasa mota ɗaya ko biyu. A filin da mutum tamanin za su yini suna kai da kawo da ƙarfe a kafaɗa, wannan lissafin bai karɓu ba.

Maganar siminti kuma ba ita aka tambaya ba. Siminti na son makonni kafin ya yi ƙarfi, ayarin Auwalu gobe yake son hayewa.

Hajiya Rabi: Ƙari a kan na Baba, kilo 800 a bakin gaɓar da nake lallaɓawa kada ta zame? Ka gama min da ita ke nan.

Bari in ƙarasa lissafin ƙafar gada tunda Injiniya ya ba mu nauyi. Tan 40 a kan kusurwa huɗu, kowace tan 10. Lokacin da tanka ta hau bakin gada, kusan duk nauyinta a kan kusurwa biyu na wannan gefen yake, kowace ta sami ƙarin tan 22 da ɗoriya. Kusurwa ɗaya ta tashi da fiye da tan 32. Yumɓu mai taushi ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar tan 10 a murabba'in mita ba tare da ya lotsa ba. Don haka kowace ƙafa tana son shimfiɗa ta fiye da murabba'in mita 3. Ana jera manyan katakai a gicciye, hawa biyu ko uku, a ɗora farantin ƙarfe a kai, sannan mazaunin gadar. Idan an yi rowar katako, ba nan take abin ke nunawa ba. Bayan mota ashirin ko talatin za ka ga kusurwa ɗaya ta sauka, gadar ta murɗe, wasu fil sun matse wasu suna rawa. Alamar farko ita ce tsaga a ƙasa a bayan farantin, mai bin tsawon gaɓa. Da an gan ta a tsayar da motoci.

Auwalu: Na gane. Amma ga abin da ya fi ɗaure min kai. Ba kuren, ba ginshiƙi a cikin ruwa. Yaya ƙarfe tan 40 zai tsallaka rami mita 24 bai faɗa ba?

Injiniya Bala: Tura ta ake yi, kamar yadda za ka tura dogon katako daga kan tebur zuwa wani tebur. Muddin abin da ke kan teburinka ya rinjayi abin da ke reto a iska, ba zai faɗi ba.

Ana kafa rola a bakin gaɓa, masu iya ɗan sunkuyawa gaba da baya, da wasu rola a jere a bayansu, sannan wasu a tsallake masu jiran karɓa. A kan rolar ake haɗa gadar. Abin da ake fara haɗawa shi ne hanci: sassa marasa katako, marasa azara, fanel layi ɗaya kawai, kowane sashe kamar tan ɗaya. Ƙa'idar da ake riƙewa a ka ita ce rabin sassan gada a ƙara ɗaya, don haka namu shida. Bayan hanci sai gadar gaske, sashe bayan sashe. A haɗa, a tura kaɗan, a haɗa, a tura. Mutane ne ke turawa da ƙirji bisa umarnin mutum ɗaya, ko a sa mota ta tura a hankali. Da hanci ya hau rolar tsallake, hankali ya kwanta. A ci gaba da turawa har gadar ta zauna daidai, a kwance hancin, a ɗaga kowane gefe da jak, a zare rola, a sauke ta kan mazauninta, a kafa gangaren hawa.

Wani abu da ba a zato: ƙarfen da ke reto yana sunkuyawa, domin nauyinsa da ɗan sararin da ke cikin ramin kowane fil. Idan ba a yi komai ba, hancin zai iso tsallake ƙasa da rola ya tokari gaɓa. Don haka ake saka wasu ƙananan mahaɗai a ƙasan hancin da ke ɗaga bakinsa sama tun daga farko. Inda za a saka su yana cikin jadawalin littafin, kuma kuskure a nan yana nufin a jawo komai baya a sake.

Malam Habu: Injiniya, na zauna na lissafa, kuma lissafinka bai fita ba. Daf da isa tsallake, sashe goma ne a iska: hanci shida da gada huɗu. Hanci tan 6, tsakiyarsa na nesa da rola da sashe 7, ya ba da 42. Gada huɗu tan 16, tsakiyarta sashe 2, ya ba da 32. Jimla 74 mai ja ƙasa. A baya saura sashe shida, tan 24, tsakiya sashe 3, ya ba da 72. Saba'in da huɗu ta fi saba'in da biyu. Gadarka ta tafi ruwa.

Injiniya Bala: Malam Habu, hanyar lissafinka daidai ce, kuma na ji daɗi da ka yi shi. Abu ɗaya ka tsallake: rolar ba a kan mazaunin gada take ba, tana gabansa ta wajen ruwa, a gefen nan da tsallake. Don haka tazarar da za a tsallaka a iska ta gaza ƙafa 100. Ka ɗauke ta sashe tara da rabi ka sake. Hanci ya koma 39, gada uku da rabi ta ba da kusan 25, jimla kusan 64. A baya sashe shida da rabi, ya haura 84. Ta tsaya.

Amma dubi abin da lissafinka ya tona. Rabin sashe, mita ɗaya da rabi kacal, shi ne tsakanin tsayawa da kifewa. Idan mai leƙen wuri ya yi kuskuren mita biyu a awonsa na dare, ko masu turawa suka yi zumuɗi suka tura kafin a gama haɗa na baya, abin da ka lissafa ne zai faru. Shi ya sa ake yi wa gadar alama a inda nauyinta ya daidaita, kuma wannan alamar ba ta wuce rola sai hanci ya sauka. Idan abin ya matse, a bar katakon sassan gaba a tara shi a wutsiya ya zama abin danni.

Ɗanlami: To me ya hana a yi ta kan ruwa kawai? Na ga masu ninkewa ɗin nan, mota ta zubar da su a ruwa su buɗe da kansu.

Injiniya Bala: Wannan tambayar ta fi ta farko. A babban kogi ita ce amsa. Ta Tarayyar Sobiyet mai suna PMP, cikakken saiti yana ba da gada mai mita 227 da ke ɗaukar tan 60, kuma haɗa ta ba ya cin lokaci kamar Bailey. Amma a kogin Auwalu gaɓa mita 3 ce a tsaye. Gada mai iyo tana kwance a fuskar ruwa, dole a yanke gaɓar a yi gangare har ƙasa, a gefe biyu, kuma motar da ke ɗauke da sassan ta iya ja da baya har bakin ruwa. Sannan ruwan ya zama da zurfin da ba za ta zauna a ƙasa ba idan tanka ta danna ta. Sannan gudu: ruwa na tura ta ta gefe koyaushe, sai an riƙe ta da jiragen turawa ko igiyar ƙarfe da aka ɗaure a gaɓa. Da gudu ya doshi mita 3 a daƙiƙa, ruwa kan fara hawa bakinta yana danna ta ƙasa. Itatuwan da ambaliya ke kawowa su taru a jikinta su ƙara nauyin turin.

Baba Tanko: Maganar yanke gaɓa ta tuna min da ranar da sojan Masar suka haye mashigin Suwez, 6 ga Oktoba 1973. Isra'ila ta tara ganuwar yashi a gaɓar gabas, layin Bar Lev, tsayinta a wurare ya kai mita 20. Gadar iyo Masar na da ita, abin da ya gagara shi ne inda mota za ta fita bayan ta haye. Bam ba ya yi wa tulin yashi komai, ya tashi ya dawo ya cike ramin. Wani hafsan injiniya, Baki Zaki Yusuf, ya kawo shawarar a wanke shi da ruwa. Suka sayo ɗaruruwan injinan famfo daga Birtaniya da Jamus, suka haye da su a kwale-kwale, suka ja ruwan mashigin suka feshe yashin, cikin sa'o'i suka buɗe ƙofofi da dama. Amma a kudu, ɓangaren runduna ta uku ta Masar, ƙasar yumɓu ce. Ruwa bai wanke ta ba, sai ya mai da ita taɓo mai santsi, gadojin can suka makara sosai. Dabara ɗaya, rana ɗaya, ƙasa ce ta bambanta.

Na kogin Rapido a Italiya kuma, Janairu 1944, kogi ne da bai kai na Auwalu faɗi ba. Sojan Amurka na runduna ta 36 sai da suka ɗauko kwale-kwale a kafaɗa daga nesa, ta cikin fadama mai nakiya, Jamusawa na kallonsu daga tudu. Layukan da aka share aka sa wa tef, luguden igwa ya tsinka tef ɗin, mutane suka ɓace hanya cikin duhu da hazo suka faɗa kan nakiya. Gadar da za ta ɗauki tanka ba ta samu kafuwa ba, waɗanda suka haye kuma aka rutsa da su.

Hajiya Rabi: Shi ya sa ba a fara gada sai sojan ƙasa sun haye sun kori duk wanda ke iya ganin wurin da ido. Ana tayar da hayaƙi, ana haƙa ramukan fakewa kusa da filin aiki, da rufi mai ƙasa aƙalla santimita 45 a kai saboda ɓaraguzan harsashin igwa. Sai dai yanzu da jirage marasa matuƙa, "wanda ke iya gani" ya daina zama mutumin da ke kan tudu. A Mayun 2022 a kogin Siverskyi Donets, kusa da Bilohorivka, Rasha ta kafa gadar iyo, motoci suka taru a bakinta, igwogin Yukren suka ragargaza gadar da motocin. Ban ga yadda za a yini ana haɗa Bailey a irin wannan fagen ba.

Injiniya Bala: A bakin daga ba za a yi ba, Hajiya, na yarda. Can sai gadar da tanka ke goyo ta shimfiɗa cikin mintoci, amma yawancinsu ba su wuce mita ashirin da 'yan kai ba, mita 30 da ramin Auwalu ke bukata ya fi ƙarfinsu. Irin Bailey aikinta a baya ne, kan hanyar kawo kaya. Taruwar motoci kuwa laifin tsarin wucewa ne. Ana ajiye su nesa a ɓoye, a riƙa kiran su kaɗan-kaɗan, mita 30 tsakanin mota da mota, wanda a gadarmu yana nufin ɗaya a kai a lokaci guda. Ba birki, ba canza giya a kan gada.

Malam Habu: To idan fanel 40 kawai suka iso, layi biyu, aji 30, ga tanka aji 50 ga maƙiyi a baya? Ai littafin ya yarda da wucewar kasada.

Injiniya Bala: Ya yarda, amma da iyaka a jadawali, ba yadda aka ga dama ba. Mota ɗaya tak, a tsakiyar hanya, gudun kilomita 5 a sa'a, mutum na tafe gabanta, babban kwamanda ne ke ba da izini, kuma injiniya ya duba gadar bayan kowace mota. Daga 30 zuwa 50 ni ba zan sa hannu ba. Gara a haye da ƙananan motoci, a jira fanel ashirin. Ana iya ƙara layi na uku gadar na zaune a wurinta.

Baba Tanko: Kai ba za ka sa hannu ba, Injiniya, amma ba kai ke da izinin ba, ka faɗa da bakinka.

Auwalu: To idan kwamanda ya ce a wuce, injiniya ya ce a'a, maganar wa ake bi?

Hajiya Rabi: Ta kwamanda. Injiniya ya faɗi lambar, ya tabbatar an rubuta cewa ya faɗa, sannan ya je ya tsaya wajen kusurwar da ya fi zargi yana kallon ƙasa.